Takardar likita a gaban alƙali: shin wanga mutum zai iya tsayawa a yi masa shari'a?

Gandirobobi biyu ne suka rako shi, ɗaya riƙe da ambulan mai hatimin kotu, uwarsa na biye da su a baya da ɗan kwanon fura da ta ɗauro tun daga ƙauye. Kafin ma in buɗe ambulan ɗin ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Likita, yaron ga nau ba shi da lahiya, dut garinmu an sani. Ka rubuta musu su sako man shi." Na ce mata Inna ki zauna ki huta tukuna, zan duba shi kuma ke ma ina da tambayoyi da yawa gare ki. Amma a raina na san abin da take nema da abin da alƙali ya tambaye ni ba abu ɗaya ba ne, kuma wanga bambanci shi ne nake son in yi fashin baƙi a kai, don ba ita kaɗai ba, har wasu masu ilimi suna haɗa su wuri ɗaya. Na canza wasu abubuwa a labarin yaron yadda ba wanda zai gane shi, sauran kuwa yadda aikin yake tafiya ne.

Tambaya biyu ce kotu take iya yi wa likitan ƙwaƙwalwa a kan wanda ake tuhuma. Ta farko tana duban baya, wato a lokacin da abin ya faru hankalinsa yana jikinsa ko ba ya jikinsa. Ita ce sashe na 51 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa yake magana a kai, cewa wanda taɓin hankali ya hana shi sanin irin abin da yake aikatawa, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka, to ba a kama shi da laifi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, kowane ɗan makarantar allo ya ji hadisin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Tambaya ta biyu ba ruwanta da ranar da abin ya faru. Yau take tambaya, wannan satin da za a zauna, mutumin nan zai iya fahimtar abin da ake yi da shi a kotu har ya kare kansa? Takardar da ke cikin ambulan ɗin nan ta biyun kawai ta tambaya.

Dalilin da ya sa ake yin wannan tambayar a fili yake. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma damar a gaya masa laifin da ake zarginsa da shi da harshen da yake ji, ya kare kansa ko ya ɗauki lauya, ya yi wa shaidu tambayoyi. Mutumin da jikinsa ke cikin akwatin kotu amma hankalinsa na wani wuri, duk waɗannan haƙƙoƙin sun zama rubutu a takarda kawai, kamar an yi masa shari'a a bayan idonsa ne. Shi ya sa dokar tsarin gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, a sashe na 278 ta ce idan kotu ta ga alamar wanda ake tuhuma ba zai iya kare kansa ba saboda halin ƙwaƙwalwarsa, ta ba da oda likita ya duba shi, kuma za ta iya sa a tsare shi wurin da ya dace a sa masa ido na tsawon da bai wuce wata ɗaya ba, in likita bai kai ga matsaya ba ya rubuto ya nemi ƙari. Waccan ta tarayya ce, jihohi kuma kowace da tata a kan irin wannan tsarin. A nan Sakkwato wuraren da ake da ƙwararrun wannan fanni su ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Yaron shekararsa 27, ɗan kabu-kabu ne kafin ciwon ya zaunar da shi. Tuhumar da ake masa ita ce ya yi wa maƙwabcinsa mummunan rauni da sanda a ka. Abu na farko da na yi da muka zauna, kafin kowace tambaya, na gaya masa cewa ni fa yau ba likitan da ya zo wurinsa don kansa ba ne, kotu ta aiko shi, kuma abin da ya faɗa min zai iya shiga takardar da alƙali da lauyoyin ɓangare biyu za su karanta, yana da damar ya ƙi amsa abin da bai so. Wannan gargaɗin dole ne, kuma dole a rubuta a rahoton cewa an yi shi, don mutum ya saba abin da ya faɗa wa likita sirri ne, in ba ka gaya masa ba ka yaudare shi.

Tarihin ciwon daga bakin uwar na fi samunsa, da wani yayansa da ya zo daga baya, da ɗan katin wani asibiti da ya tsufa a cikin leda. Kamar shekara huɗu baya ya fara janye jiki, ya bar zama majalisa, ya bar wanka sai an matsa, a ji shi cikin dare yana magana kamar yana mayar wa wani amsa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, daga baya aka kai shi asibiti aka ba shi magani ya samu sauƙi har ya koma kan babur. Da kuɗi suka yi wuya kuma aka ga ya warware sai aka bar sayen maganin, wata bakwai ke nan kafin abin da ya faru. Shi da bakinsa ya gaya min muryoyin maza biyu yake ji suna zancensa a tsakaninsu, suna faɗin duk abin da yake yi, kuma tunaninsa yana fita daga kansa mutane su ji, maƙwabcin nan shi ya haɗa abin da ke jan tunanin ta cikin bango. Muryoyi masu zancen mutum, yarda da abin da ba shi da tushe wadda hujja ba ta girgiza ta, jin cewa tunaninka ba naka kaɗai ba ne, ga mutuwar zuciya da janye jiki, kuma an daɗe ana ciki, wannan shi ne hoton sikizofireniya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yana neman alamun su kai aƙalla wata ɗaya, nasa ya yi shekaru. Mun yi gwajin fitsari don wiwi da su taramol, mun duba jini, mun tambayi ko yana da farfaɗiya ko ya taɓa buguwa a ka, don waɗannan duk suna iya kawo abin da ya yi kama da shi. Ba a samu komai ba.

A nan sai na ɗan tsaya, don akwai ramin da likitan da bai san mutanensa ba yake faɗawa. Mutum ya ce maka an yi masa sammu ko aljanu sun shafe shi, wannan kaɗai ba alamar ciwo ba ce a ƙasar Hausa, uwar tasa ma ta yarda sammu aka yi masa kuma lafiyarta ƙalau. Abin da nake dubawa shi ne, danginsa da suka yarda da sammu, sun yarda da nasa bayanin? Yayan ya girgiza kai ya ce, "A'a likita, zancen bangon ga kam ba mu san inda yas samo shi ba." To ka ji inda al'ada ta tsaya ciwo ya fara.

Da yawa a nan suke rufe fayil. An samu sunan ciwo, sai a rubuta layi biyu, mun duba shi yana da taɓin hankali, sa hannu, hatimi. Na taɓa ganin irin wannan takarda a fayil ɗin wani mutum daban, wallahi layi uku ce, kuma a kanta aka ajiye shari'arsa, ba wanda ya sake waiwayarsa sai bayan lokaci mai tsawo. Irin wannan takarda ba ta amsa tambayar alƙali ba sam. Sunan ciwo ba ya gaya maka abin da mutum zai iya. Kusan mutum ɗaya cikin 300 a duniya yana da sikizofireniya, mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba, kuma da yawa cikin masu shan magani suna kasuwancinsu suna riƙe da iyali, in aka kai ɗayansu kotu zai bi shari'arsa tsaf. Ma'aunin da kotunan Ingila suka kafa, wanda likitoci a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arsu suke aiki da shi, ya fito ne daga shari'ar wani mutum mai suna Pritchard a 1836, kuma shi kurma ne bebe, ka ga tun asali ba sunan ciwo ake nema ba, iyawa ake aunawa. Zai gane tuhumar? Zai iya zaɓar ya amsa ko ya musa yana sane da abin da kowanne zai jawo? Zai iya bin abin da ake faɗa a zaman kotu, ya gane shaidar da aka bayar a kansa har ya ce wannan ƙarya ne? Zai iya yi wa lauyansa bayani ya ba shi umarni, in ta kama kuma ya ba da shaida da kansa?

Sai na bi su da shi ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, ba tafinta, kuma na rubuta amsoshinsa da kalmominsa yadda ya faɗe su.

Na ce, Malam, ka san abin da ya sa aka tsare ka? Ya ce an ce ya bugi wane da sanda ya fasa masa kai. Na ce mene ne aikin alƙali? Ya ce, "Shi ka yanke hukunci." Mai gabatar da ƙara fa? Ya ce na gwamnati ne, shi ke son a ɗaure shi. In ka ce ka aikata me zai biyo baya? Ya ce ɗauri. In ka ce ba ka aikata ba? Ya ce sai a kawo shaidu. Wallahi da a nan na tsaya da na rubuta cewa lafiya lau zai iya, don amsoshin sun fi na wasu masu cikakkiyar lafiya da ba su taɓa shiga kotu ba.

Kuma wannan ma abin lura ne ta ɗaya gefen. Mutumin ƙauye da bai san bambancin lauyan gwamnati da nasa ba, ba shi ke nuna ba zai iya tsayawa shari'a ba, rashin sani ne kawai. Yadda ake rabewa shi ne ka koya masa a sauƙaƙe, ka bar shi, gobe ka sake tambaya ka ce ya faɗa maka da nasa kalmomin. Wanda rashin sani ne matsalarsa zai riƙe. Wanda ciwo ya hana shi, ko dai ba zai riƙe ba ko ya riƙe kalmomin amma ya kasa ɗora su a kan tasa shari'ar.

Yaron nan na biyun ne. Da na ce to lauyanka da aka ba ka, kun yi magana? Sai fuskarsa ta canza, ya kalli ƙofa, ya rage murya ya ce, "Lauyan ga nasu na. Ranar da yaz zaka na ga yadda yat taɓa aljihunai, abin na nan ciki." Wato na'urar da ke jan tunaninsa tana aljihun lauyan. Na ce in shaida ya tashi ya faɗi abin da ba haka ya faru ba, wa za ka gaya wa? Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Mi za ni hwaɗi? Alƙali ya riga ya ji dut abin da ac cikin kaina." Na ce to ranar zama me za ka amsa? Ya ce zai ce ya aikata, har da abin da ba a tambaye shi ba, don muryoyin sun ce in ya amsa za a kashe na'urar a bar uwarsa ta huta. Ana cikin haka sau uku yana tsayawa tsakiyar magana, ya karkata kai gefen hagu yana saurare, leɓensa na motsi, in ya dawo sai na maimaita tambayar don ta ɓace masa. Hirar da ba ta kai minti 40 ba ke nan a ɗaki shiru, to ina ga zaman kotu mai hayaniya.

Ka ga inda matsalar take. Sanin aikin alƙali da lauya yana nan daram, amma ciwon ya shiga cikin shari'ar kanta ya zauna. Lauyan ya zama abokin gaba, kare kai ya zama abin da ba shi da amfani tunda alƙali na jin tunani, amsa laifi kuma ba daga auna hujja ta fito ba, daga umarnin murya ta fito. Mutum yana da damar ya yi zaɓin da lauyansa bai so, ko ya amsa laifi don nadama, ko ya ƙi lauya don taurin kai, duk wannan bai sa a ce ba zai iya ba. Abin da rahoto zai nuna shi ne zaren da ya haɗa alamar ciwo da gazawar, wannan alama ita ta hana wannan abu, ga kalmominsa ga abin da na gani da idona.

Dole kuma rahoton ya amsa tambayar da mai gabatar da ƙara zai yi, kuma yana da gaskiya ya yi ta: in yaron nan wasa yake da hankalinku fa? Ana yi, ba ƙarya ba ne. Amfanin kwantar da mutum a sa masa ido ke nan maimakon ganin awa ɗaya. Mai ƙirƙira yawanci yana zuwa da haukan da ya gani a titi, ya yi ta nuna maka shi tun ba ka tambaya ba, ka ce ƙafar akuya nawa ya ce biyar, ya ce bai san sunansa ba, duk alamar da ka ambata ya ce yana da ita ko da wadda ba a san ta a ciwon ba. Da likita ya fita sai nas-nas su gan shi yana hira daidai, yana cin abinci, yana barci har da minshari. Mai ciwon gaske sau da yawa ɓoyewa yake, yaron nan cewa yake lafiyarsa lau a mayar da shi kotu. Rahoton masu aikin dare ya nuna ba ya barci sai wajen asuba, yana magana shi kaɗai a lokacin da bai san ana kallonsa ba, ya toshe wata 'yar kafa a bango da tsumma. Ga katin asibiti da ya girmi shari'ar da shekaru. Kuma yankewar tunani a tsakiyar zance da dushewar fuska abubuwa ne masu wuyar kwaikwayo na sati uku a jere dare da rana. Ban rubuta cewa ba zai yiwu ya yi ƙarya ba, na rubuta abin da aka gani da dalilin da ya sa ƙirƙira ba ta dace da shi ba.

Rahoton da na aika shafi huɗu ne. Ya fara da wace kotu ta nema da ainihin tambayar da ta yi, ni wane ne da matsayina, ranakun da na gan shi, da duk inda na samo bayani, har da abin da na nema ban samu ba, don bayanan 'yan sanda na ranar da aka kama shi ba su iso gare ni ba kuma na faɗi haka. Sai tarihi a taƙaice, ina rabe abin da aka gaya min da abin da na gani da kaina. Sai halin da na same shi, sunan ciwon da dalilansa, sannan tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da amsoshinsa. Ra'ayina a ƙarshe: a halin yanzu ba zai iya ba lauya umarni ba, ba zai iya zaɓar amsa da hankalin kansa ba, ba zai iya bin zama ba, amma ciwon yana jin magani, ya taɓa ji a baya, ina ba da shawarar a yi masa magani a asibiti a sake duba shi bayan sati shida zuwa takwas. Abin da ban sa ba shi ma da gangan ne. Ban rubuta labarin da ya ba ni na yadda abin ya faru a ranar ba, don ba a tambaye ni ba kuma mutumin da na ce ba zai iya kare kansa ba bai kamata in ɗauko maganarsa in miƙa ta zama hujja a kansa ba. Ban ce ya aikata ko bai aikata ba. Kuma ra'ayi na kira shi, don likita shaida ne mai ba da ra'ayin gwani, ana iya kiransa a yi masa tambayoyi a kai, hukuncin na alƙali ne.

Da na yi wa Inna bayani ta yi hamdala, a zatonta an gama. Na ce Inna ba sallama ba ce fa, dakatarwa ce. Tuhumar tana nan tana jiransa. In laifin na beli ne kotu na iya miƙa shi ga dangi bisa sharaɗin za su kula da shi su kawo shi duk lokacin da aka nema, in ba haka ba a ci gaba da tsare shi wurin da ya dace har ya samu sauƙi. Kuma gaskiya wannan matsayin shi ya fi ba ni tsoro a duk harkar, don mutumin da aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, wanda aka ce ba zai iya tsayawa shari'a ba kuwa in ba a yi masa magani ba kuma ba a sa ranar sake dubawa ba, zai iya zama a tsare fiye da abin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo da maganar haƙƙin masu wannan lalura, amma a aikace abin da ke ceton mutum shi ne rahoton ya faɗi wane magani, a ina, da ranar da za a dawo. Shi ya sa ba na barin wannan layin a buɗe.

An fara masa olanzafin miligiram 10 da dare, daga baya aka ƙara zuwa 15. Sati biyun farko barci ne ya fara daidaita. Wajen sati na huɗu ya cire tsumman bangon da kansa. Ban yi gaggawar rubutu ba, don magungunan nan sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu sosai, kuma su ma suna da nasu tasirin a kan shari'a, wanda aka cika wa lagatil zai yi ta gyangyaɗi a akwatin kotu, wanda haloferidol ya ƙame masa jiki yana dalalar miyau yana rawar hannu shi ma ba zai bi zama ba ko da muryoyin sun tafi, kuma alƙali na iya ganin dushewar fuskarsa ya ɗauka rashin nadama ne in ba a yi masa bayani ba.

A sati na takwas na sake zama da shi, tambayoyin nan dai na farko. Na ce muryoyin fa? Ya ce suna nan amma sun yi nisa, kamar rediyon maƙwabta, yakan share su. Na ce lauyanka? Ya yi shiru, ya ce, "Likita, kunya nika ji. Mutumin ga taimako na yaz zaka yi." Na ce alƙali yana jin abin da ke ranka? Ya ce a'a, sai abin da ya faɗa. Na ƙirƙiro masa misali, na ce a ce shaida ya ce ya gan ka da wuƙa, ya ce ba zai yi ihu ba, zai taɓa lauya ya gaya masa ba haka ba ne. Na ce za ka amsa ko za ka musa? Ya ce sai sun zauna da lauya ya ji abin da kowanne zai jawo masa. Game da maƙwabcin kuwa bai gama sakin zancen ba, ya ce wataƙila ciwo ne wataƙila kuma akwai wani abu, bai sani ba. Na rubuta wannan ma yadda ya faɗa. Da izininsa lauyan ya zo suka zauna kusan awa ɗaya ina gefe ina kallon yadda suke fahimtar juna, ba tare da na sa abin da suka tattauna a takarda ba.

Rahoto na biyu ya ce har yanzu yana da sikizofireniya, har yanzu akwai ragowar alamu, kuma a ra'ayina yanzu zai iya tsayawa shari'a. Maganganun nan uku ba su ci karo da juna ba. Na haɗa da sharuɗɗa: a riƙa ba shi hutu bayan kamar minti 45, tambayoyi su zama gajeru ɗaya bayan ɗaya, duk abin da aka faɗa da wani harshe a fassara masa da Hausa, a guji zaman sassafe saboda nauyin maganin dare, kuma kada maganin ya yanke ko na kwana kaɗan a inda ake tsare da shi, in ana tsoron haka a mayar da shi kan allurar wata-wata irin modiket. Na kuma rubuta cewa wannan ra'ayi na ranar da na gan shi ne, in aka ɗage shari'ar watanni ko maganin ya yanke to a sake duba shi kafin a zauna.

Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce, "Ashe kai ma ka ba su shi." Na zaunar da ita da yayan na ce wannan takardar ita ce ta buɗe masa hanyar da shari'ar za ta ƙare, kuma maganar da take son a ji, cewa ranar da abin ya faru ba ya cikin hankalinsa, yanzu ne lauyansa zai iya tayar da ita tare da shi, nauyin kawo hujjar kuma a kan ɓangarensu yake, don haka ta adana katin asibitin nan da kyau ta kuma tuna su wa suka ga halin da yake ciki a kwanakin. Na gaya mata gaskiya cewa ko kotu ta karɓi wannan kariyar ba lallai a ce ya tafi gida a ranar ba, doka ta ba da damar a ajiye shi inda za a kula da shi. Bayan sati uku wata ambulan ta iso daga kotun, wannan karon tambayar baya ce a ciki, halin hankalinsa a ranar da aka ce ya ɗaga sandar, na aika wa rajistara cewa sai an haɗo min da bayanan shaidu da na 'yan sandan da suka kama shi kafin in sa ranar ganinsa.